Sibi Ɗaya, Guraben Aiki Uku: Abin Da Ake Sauyawa Da Wanda Ba A Taɓawa

Mai ɗaukar ma'aikata ba ya karanta sibi daga farko har ƙarshe. Yakan duba saman shafin farko ne, ko zai ga abin da ya sa a tallarsa. Shi ya sa takarda ɗaya ba ta dacewa da kowane gurbi.

Dabarar ita ce ka fara rubuta uwar takarda, wadda ba za ka tura wa kowa ba. Ka zuba komai a ciki: makarantu, wuraren aiki, wata da shekarar shiga da fita, da ainihin abin da hannunka ya yi. Daga cikinta ake yanko sauran.

A ce Talatu na da babbar difloma a fannin akanta. Ta koyar da lissafi lokacin bautar ƙasa, sannan ta yi shekara 2 a wani shagon sari a Kasuwar Singa da ke Kano, tana rubuta cinikin yini a Excel, tana ƙirga kaya, tana bin bashi.

Ga gurbin mataimakin akanta, sai ta ɗora rubuta ciniki da daidaita kuɗin aljihun tebur da na banki a sama, koyarwa ta koma layi ɗaya. Ga gurbin mai kula da sito, ƙirgar katan-katan da karɓar kaya daga mota su ne kan gaba. Idan makaranta ce ke neman malami, shekarar bautar ƙasa ce za ta hau sama, da azuzuwan da ta riƙe. Ta kuma ari kalmomin tallar, tunda wasu kamfanoni na tace takardu da manhaja, amma sai inda kalmar ta dace da aikin da ta yi.

Abu huɗu ba sa motsi: kwanan wata, sunan muƙami, sakamakon karatu da adadi. A nan ake zamewa. Tallar ta nemi wanda ya iya QuickBooks, Talatu kuwa Excel ta sani, to Excel za ta rubuta. "Mai riƙe lissafin shago" ce, kada ta wayi gari "manaja". Inda ta taya ƙirga, kada ta ce ta jagoranta. Adadin da ba ya cikin littafin shago kuma ta bar shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a intabiyu ana iya ajiye mata kwamfuta a ce bismillah.

Kafin turawa, ta bi layi-layi tana tambayar kanta: in an bugo wa maigidan shago waya, zai ce haka ne? Sannan ta adana kowace takarda da sunan gurbinta, misali `Talatu_Sito.pdf`, don ranar da aka kira ta, ta san wadda ke gaban masu tambaya.