Nauyin gaɓa da inda murya take sauka

Faɗi garin tuwo, sannan ka faɗi garin Kano. A na tuwo an ja "ga", a na Kano kuwa an taƙaita ta. Masana harshe suna auna wannan bambanci da mora, wato ɗan awon tsawon furuci. Gaɓa mai baƙi da gajeren wasali mora ɗaya ce, marar nauyi ke nan. Idan wasalin dogo ne, ko baƙi ya rufe gaɓar kamar "kas" a cikin kasko, mora biyu ce, ta zama mai nauyi.

Hausa da karin sauti take aiki, amma a Latin, harshen Rumawan dā, nauyin ne yake nuna gaɓar da za a ƙarfafa. A kalma mai gaɓa uku ko fiye, sai a ajiye ta ƙarshe gefe, a haɗa ƙafa mai mora biyu daga abin da ya gabace ta, murya ta sauka a kan farkon ƙafar.

Ɗauki magister, wato malami. An ajiye "ter". Gaɓar "gis" rufaffiya ce, ita kaɗai ta cika ƙafa, don haka ita ake ƙarfafawa. A dominus kuwa, wato maigida, "mi" ba ta da nauyi, dole ta jingina da "do" kafin ƙafa ta cika, sai ƙarfin ya koma kan "do".

Inda ɗalibi yake tuntuɓe shi ne, rubutun Latin, kamar bokonmu, bai cika nuna dogon wasali ba. Amicus, wato aboki, a ido kamar dominus yake, alhali "mi" ɗinsa doguwa ce, kuma a kanta murya take sauka.