Ranar Ƙarshen Wata da Ke Ɓacewa Daga Rahoto

Mai kanti da ke ajiye lissafinsa a kwamfuta zai iya fitar da rahoton cinikin Janairu, ya tarar jimillar ba ta kai kuɗin da ke hannu ba, alhali babu wanda ya taɓa ko sisi. Sau da yawa laifin yana wajen yadda aka tambayi rumbun bayanai. Ga sharaɗin da aka saba rubutawa a SQL:

```sql
WHERE sold_at BETWEEN '2024-01-01' AND '2024-01-31'
```

A ido babu aibu, domin `BETWEEN` yana haɗawa da iyakokin biyu. Sai dai gurbin `sold_at` yana ajiye kwanan wata ne tare da awa da minti da daƙiƙa. Idan aka ba rumbu kwanan wata tsurarsa, PostgreSQL da MySQL da SQL Server duk sukan cike masa lokaci da `00:00:00`, wato sha biyun daren da ranar ta soma. Saboda haka buhun shinkafar da aka sayar ƙarfe 9 na safiyar 31 ga wata ya riga ya wuce iyaka, ba zai fito ba. Haka cinikin wunin nan kaf zai salwanta, kuma kwamfuta ba za ta nuna kuskure ba, tunda abin da aka tambaye ta ta amsa.

Gane matsalar ba wuya. A rarraba rahoton rana-rana. In ranar ƙarshe ta fito fayau, ko kuwa abin da aka shigar daidai sha biyun dare kaɗai ya bayyana, to an kama ɓarawon.

Wasu kan yi faci da `23:59:59`. Facin yana yoyo, domin PostgreSQL yana riƙe lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka cinikin `23:59:59.5` zai zube. Ƙara `.999` ma ba mafita ba ce: nau'in `datetime` na SQL Server yakan tura wannan lokaci zuwa sha biyun daren washegari, sai cinikin da aka shigar daidai farkon 1 ga Fabrairu ya kutso cikin Janairu.

Gyaran da ke ɗorewa shi ne a haɗa da farkon zango, a tsaya kafin farkon na gaba:

```sql
WHERE sold_at >= '2024-01-01' AND sold_at < '2024-02-01'
```

Da wannan, inda Janairu ya tsaya nan Fabrairu zai ɗauka, babu giɓi babu maimaici, kuma ba sai an tuna cewa Fabrairun 2024 kwana 29 ne ba.

Saura agogo. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. In rumbun yana ajiye lokaci a UTC, sha biyun daren Kano ƙarfe 11 na dare ne a wurinsa, don haka dole a ja iyakokin biyu baya da awa guda kafin a fitar da rahoto.