Gado Ɗaya, Shimfiɗa Uku: Lissafin Wanki a Ƙaramin Otal

Masu otal suna da lissafin da baƙo bai cika sani ba: kowane gado shimfiɗa uku yake buƙata. Ɗaya tana kan gado, ɗaya tana wurin wanki, ta ukun kuma tana ninke a sito. A ce otal ne mai gado 12 a Kano, to zannuwan gado, rigunan filo da tawul saiti 36 ke nan.

Ta ukun nan ita ake yawan yi wa rowa, alhali ita ce rufin asirin otal. Zanin auduga yana son ya huta kamar kwana guda bayan guga, domin wanda ake ɗaukowa da zafinsa a shimfiɗa kullum ya fi saurin cinyewa. Idan kuwa shanyar igiya ake yi, a watan Agusta ko ukun ba sa isa. Hadari ya haɗo, tawul ya kwana da lema, ga ɗakuna cike da 'yan biki. Irin wannan otal, da wanda ke kai wankinsa waje, gara su tanadi saiti huɗu, wato 48.

Abin da ke rage wannan adadi a ɓoye shi ne tabo. Shi ya sa aikin ke farawa tun daga ɗaki: mai gyaran ɗaki ta ware zani mai tabo daban, kada kuma ta dunƙule jiƙaƙƙen tawul cikin sauran kaya, don hunhuna ba ta ɓata lokaci.

Kowane tabo da maganinsa. Jini ruwan sanyi yake so. Ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. A ɗauraye ta bayan zanin, a goga sabulu, a jiƙa na rabin awa. Manja da jan-baki kuwa maiƙo ne, sai sabulun wanke-wanke na ruwa da ruwan ɗumi kafin a kai ga inji. Mafi yaudara shi ne jan tabon tsatsa da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari. Mai wanki yakan ƙara bilic, tabon kuma ya ƙara rinewa, saboda bilic tsananta tsatsa yake yi. Lemun tsami da gishiri sun fi shi aiki.

Sai a duba zanin da haske kafin guga, domin tabon da dutsen guga ya bi ta kansa da wuya ya fita. Wanda ya ƙi fita bayan wanki biyu, a cire shi, a mayar da shi tsumman goge-goge, a rubuta a littafi. Ƙarshen wata a ƙirga na gado, na wanki da na sito. Idan 36 ta koma 32, a yi cefanen huɗu a makon, kafin wankin kullum ya cinye ragowar.