Yadda Ake Tsara Darasin Agajin Gaggawa Ga 'Yan Sa-kai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da babur ya kayar da mutum ya san abin da ke biyo baya. Kafin ƙiftawar ido jama'a sun yi dafifi, ana ta salati, wani ya ɗebo ruwan leda zai ɗura wa wanda ya faɗi, wani ya kama ƙafa yana ja, wani kuma ya cusa ƙasa ko garin bula a cikin raunin don jinin ya tsaya. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. A cikin taron nan sau da yawa akwai ɗan agaji da ya yi kwas har aka ba shi takardar shaida, amma sai ka gan shi ya yi cirko-cirko, domin a zaune aka koya masa, a aji mai fanka, ana nuna hotuna a allo. Bai taɓa gwada abin da hannunsa ba ana ihu a kansa.

Wannan ne ya sa nake ganin duk mai shirin tsara darasin agajin gaggawa ga 'yan sa-kai, 'yan agajin masallaci ne, ko 'yan sintiri, ko ƙungiyar 'yan acaɓa, ko ungozomomi, ya ajiye littafi tukuna ya shiga garin ya yi tambaya. Ya zauna da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya ji irin raunukan da aka fi kawo masa. Ya tambayi nisan asibitin da ke iya ƙarin jini, da abin hawan da ake samu da ƙarfe biyun dare. A garin da ke bakin babban titi, zubar jini da karaya za su zo a gaba. A ƙauyukan noma irin na yankin Kaltungo a Jihar Gombe, inda har asibiti na musamman aka yi don saran maciji, wannan ne zai fara zuwa. Darasi ɗaya kada ya ɗauki abin da ya wuce matsala ɗaya ko biyu. Kwas ɗin da ya taɓa abu goma sha biyar a wuni guda, ba abin da ke saura a hannun mutum bayan sati.

Mu ɗauki zubar jini, mu gina darasin tun daga tushe.

Da farko a rubuta abin da ake so mutum ya iya yi da hannunsa idan an tashi, a jimla ɗaya: ya tsayar da jinin da ke zuba daga hannu ko ƙafa, ya kuma miƙa majinyacin ga ma'aikacin lafiya da bayani. Bayanin baki kada ya wuce minti goma sha biyar, kuma kaɗan ne ake buƙata. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne. Idan babbar jijiya ta yanke, ana iya rasa rai cikin 'yan mintoci, tun mota ba ta iso ba. Maganin farko shi ne dannawa: a sa tsumma mai tsabta a kan raunin, a danna da ƙarfi da tafin hannu biyu, a riƙe aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa don leƙe ba. Leƙen nan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, domin yana ɓalle gudan jinin da ya fara daskarewa. In tsumman ya jiƙe, a ɗora wani a kai a ƙara ƙarfi. In wani abu ya kafe a cikin naman, kamar gilashi ko ƙarfe, ba a zare shi, sai a danna gefe da gefe.

Sauran lokacin duka na gwaji ne, kuma a nan gwanintar mai tsarawa take. Ana rubuta labari gajere a kati uku. Na farko na wanda zai yi kamar ya ji rauni: saurayi ne da babur ya kayar a bakin kasuwa ranar cin kasuwa, kwano ya yanke shi a ƙauri, yana magana da farko, bayan minti biyu ya fara roƙon ruwa, in ba a danna raunin da kyau ba bayan minti huɗu maganarsa ta fara rikicewa. Kati na biyu na 'yan kallo ne, kowa da aikinsa. Ɗaya yayansa ne mai kuka yana jijjiga shi, ɗaya dattijo ne da ya dage sai an zuba toka, ɗaya kuma yana ɗaukar hoto da waya. Na uku na mai sa ido, za mu zo kansa. Ɗan sa-kan da za a gwada ba a gaya masa komai sai jimla ɗaya: an kira ka, wani ya faɗi a can.

A yi shi a waje, a kan turɓaya, cikin rana. Jinin ƙarya ba ya buƙatar kuɗi: zoɓo mai kauri da aka dama da ɗan sitaci ya wadatar, a zuba a gorar ruwa da aka huda, a ɓoye ta cikin wando, mai wasan yana matsawa. Kafin a fara, ina son a tsiyaye rabin lita a kan siminti, wani rabin a kan yashi, wani a kan zane mai duhu, kowa ya zo ya gani. Yashi na shanyewa, baƙin zane na ɓoyewa, sai mutane su fahimci cewa ido na yaudara, gara su dubi majinyacin: gumi mai sanyi, cikin leɓe da tafin hannu sun yi fari, numfashi sama-sama, ƙishirwa, ruɗewa. Wanda ke cikin wannan hali ana kwantar da shi a rufe shi da mayafi, ba a ba shi ruwa, saboda yana iya shaƙewa kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Faɗar haka ga dattijon da ke riƙe da kofi, cikin ladabi, "Baba, a yi haƙuri, likita ne zai ba shi," shi ma abu ne da sai an gwada shi da baki sau da yawa kafin ya zauna.

Kayan da za a sa a gwajin su zama waɗanda za a samu ranar da abin ya faru da gaske. In babu safar hannu, leda mai tsabta ta shiga hannu. Ɗankwali, rawani da riga su ne bandeji.

Jerin matakai kuwa iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne. Akwai katin aljihu na ɗan sa-kai, wanda bai kamata ya wuce layi shida ko bakwai ba, kowane layi ya fara da aiki: duba haɗari ka tsayar da ababen hawa, kare hannunka, danna, nuna mutum ɗaya ka aike shi neman mota ko ya kira 112 ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra, kwantar da shi ka rufe shi, rubuta lokaci. Nuna mutum ɗaya na da dalili: in ka ce "a kira mota," kowa zai ɗauka wani ya kira. A sa hoto a gefen kowane layi, a buga da boko a fuska ɗaya da ajami a ɗayar, a rufe da roba. A kuma bar gurbi inda za a rubuta lambar direban garin da ta ma'aikacin asibiti mafi kusa, domin a ƙauye su ne za su fi saurin amsawa.

Takardar mai sa ido ta fi tsawo, kuma kowane layinta dole ya zama abin da ido ke gani, a amsa da e ko a'a. "Ya nuna natsuwa" ba ya aunuwa, masu sa ido biyu za su ba da maki daban. "Ya fara dannawa cikin daƙiƙa talatin da isowarsa" yana aunuwa da agogon waya. A ware layuka uku ko huɗu a yi musu jan alama, waɗanda in an faɗi ɗaya sai an sake gwajin komai yawan makin: bai duba titi ba, ya saki dannawa, ya bari an ɗura ruwa. Da an gama, a fara tambayar ɗan sa-kan abin da ya gani da dalilin abin da ya yi, kafin a gyara masa, sannan ya maimaita nan take.

Sai batun ɗauri, wanda ya fi ba ni tsoro. Idan dannawa ta gaza kuma jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, ana ɗaure gaɓar da na'urar ɗauri, ko ƙyalle mai faɗin yatsu uku zuwa huɗu da sanda ta murɗawa, santimita 5 zuwa 7 a saman raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokaci, kada a kwance sai a asibiti. Igiya da waya da robar taya yanka nama suke yi. Matsalar ita ce wanda ya koyi ɗauri yakan so ya ɗaure komai. Don haka gwaji na biyu a wannan rana ya kamata ya zama tarko: mace ce kububuwa ta sara a idon sawu tana girbin gyaɗa, 'yan uwanta sun riga sun ɗaure ƙafar da tsumma, wani ya fito da reza. A nan amsar ta juya. Ba a ƙara ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A cire mata zobe da abin ƙafa kafin kumburi ya tashi, a tallafe ƙafar da sanda kamar karaya, a ɗauke ta kada ta taka, a zana iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci. In ɗaurin dangin ya matse kuma ya daɗe, a bar wa ma'aikatan asibiti su kwance shi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa tsaga ke zama masifa, shi ya sa kuma ba a ba da asfirin. Mai wasan ta riƙa cewa ta ji sauƙi a mayar da ita gida, domin haka ake yi da gaske, alhali zubar jini daga dasashi na iya bayyana bayan sa'o'i. Cin wannan gwaji shi ne a shawo kan dangin su nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi, kuma sunan asibitin ya kasance a katin tun farko.

Wannan labarin yana fito da wani abu da littattafan waje ba sa taɓowa: namiji ne ɗan agajin, mace ce a kwance, mijinta na tsaye. A bar shi ya gwada neman izini da sauri, ya kira mace daga cikin taron ya gaya mata inda za ta riƙe. In ba mata a cikin masu koyo, a koma a nemo su kafin a fara.

Kafin a kai darasin gari, ma'aikacin jinya ko mai horarwa na ƙungiyar Red Cross ya duba kowane layi, sannan a gwada shi da mutum biyar ko shida. Duk layin da uku suka faɗi, a zargi rubutun ko koyarwar kafin a zargi mutanen. Bayan wata uku a sake tara su ba tare da sanar da labarin ba, a canza wurin raunin daga ƙauri zuwa damtse, a mayar da lokacin bayan magariba, fitilar waya kaɗai a hannu, a sake auna daƙiƙa nawa suka ɗauka kafin hannu ya sauka a kan raunin.