Fassarar Ƙasan Hoto: Yadda Ake Rage Magana Ba A Kashe Dariya Ba

Duk wanda ya saba kallon fim na wani harshe a talabijin ko a gidan silima ya san wannan takaicin: yana cikin karanta rubutun da ke ƙasan hoto, bai kai ƙarshen layi ba rubutun ya ɓace, sai kawai ya ji na kusa da shi sun kece da dariya. Sau da yawa mai kallo yakan ɗora wa kansa laifi, ya ce karatunsa ne ba sauri, alhali kuwa laifin na mai fassara ne wanda ya ɗora wa ido kayan da ba zai iya ɗauka ba. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ga kuma finafinan Kano da ake sa wa fassarar Turanci, wannan sana'a ta zama tamu, ya kamata mu san ƙa'idarta.

Tushen al'amarin shi ne baki ya fi ido sauri. Mai kallo kuma ba karatu kaɗai ya zo yi ba, yana so ya ga fuskar ɗan wasa da abin da hannunsa ke yi. Saboda haka ma'aikatan wannan fanni ba kalmomi suke ƙirgawa ba, haruffa suke ƙirgawa, har da filin da ke tsakanin kalma da kalma da alamomin rubutu. Tsohuwar ƙa'idar gidajen talabijin na Turai ita ce cikakkun layi biyu su zauna sakan 6, watau wajen harafi 12 ke nan a kowane sakan. Kamfanin Netflix kuwa ya yarda da harafi 42 a layi, layi biyu iyaka, kada rubutu ya wuce sakan 7 a kan allo, kuma a Turanci yakan bari a kai harafi 20 a sakan ga shirin manya. A ganina wannan ya yi wa mai karatun Hausa tsauri, domin da yawa daga cikin mutanenmu ba su saba karanta harshensu a guje ba. Wanda ya tsaya a kan 15 bai zalunci kowa ba.

To, bari mu ƙaga misali mu auna shi da wannan mudu. A ce fim ne na Indiya ana so a sa masa rubutun Hausa. Mai bin bashi ya tare wanda yake bi a bakin kasuwa, shi kuwa ya shiga zuba. Cikakkiyar fassarar maganarsa ita ce: "Haba maigida, ka san ni, ka san mahaifina, ba mu taɓa cin kuɗin kowa ba. Ka kwantar da hankalinka, gobe zan biya ka." Idan aka ƙirga, harafi 116 ne. Ɗan wasan kuwa cikin sakan 5 ya faɗe ta, kuma 5 sau 15 ya ba mu 75. Ashe ke nan sai an zubar da fiye da harafi 40.

Me za a zubar? Sabon shiga yakan ɗauki almakashi ya datse wutsiyar magana, don ita ce ta yi rara. A nan kuwa wutsiyar ita ce rai, kamar yadda za mu gani. Gwani yakan fara da abin da mai kallo ke samu ta wata hanya. "Haba maigida" kunne ya ji lallashinta a murya, ido ya ga mutumin yana russunawa, babu bukatar a rubuta. "Ka san ni, ka san mahaifina" tinƙaho ne da asali, kuma kalma guda tana iya ɗaukarsa, watau "gidanmu". Sai rubutun ya koma haka: layin farko, "Gidanmu ba a cin kuɗin mutane." Layi na biyu, "Kwantar da hankalinka, gobe zan biya." Harafi 30 da 37, jimla 67. An sami sauƙi, tinƙahon yana nan, kuma "gobe" tana nan.

Dalilin da ya sa ba a taɓa "gobe" ba shi ne amsar da ke biye. Mai bin bashi ya daka masa tsawa cikin sakan 2: "Ai jiya ma haka ka ce, shekaranjiya ma haka ka ce!" Wannan harafi 50 ne, wurin kuwa na 30 ne. Sai a rubuta, "Jiya ma gobe ka ce!" Harafi 19 kacal, har ma ta fi ta asali kaifi, domin jiya da gobe sun yi karo a layi guda. An yi hasarar shekaranjiya, gaskiya ne, amma nanatawa aikin murya ce, kuma muryar tana nan ana ji.

Daga nan sai wanda ake bi ya ɗan yi shiru, ya gyara hula, sannan ya ce: "Ka gani! Ni mutum ne mai magana ɗaya." Nan dariyar take, kuma nan ne ake yawan ɓata aiki. Mai son tattalin wuri yakan haɗa wannan amsa da tsawar mai bin bashi a allo guda, layi sama layi ƙasa. Da an yi haka, mai kallo ya karance amsar tun ɗan wasa bai buɗe baki ba, shirun nan da gyaran hula sun tashi a banza. Dole amsar ta fito ita kaɗai, daidai lokacin da leɓe ya motsa, a kuma bar ta ta ɗan daɗe. Haka nan kalmar da ke tayar da dariya ta zo a ƙarshe. Idan aka juya aka ce "Magana ɗaya gare ni, ka gani", ma'ana ba ta sauya ba, amma an harba bindiga tun ba a saita ba. A takaice ana rage shimfiɗa ne don a sama wa wannan layi wuri.

Akwai kuma tarko biyu da suka keɓanta da Hausa. Na farko shi ne korewa, wadda ke da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wanda ya yanke ta ƙarshen don neman harafi uku ya gurgunta jimla, wanda kuma ya raba jimlar gida biyu, rabi a wannan allo rabi a na gaba, ya bar mai karatu a rataye. Na biyu, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya biya" a rubuce tana iya nufin ya riga ya biya, tana kuma iya nufin umurni ne a kansa ya biya. A littafi jimlolin da ke kewaye sukan warware wannan, amma a ƙasan hoto an riga an sare su, mai karatu kuma ba shi da damar komawa baya. Gara a kashe haruffa kaɗan a rubuta "ya riga ya biya" ko "sai ya biya".

Gaishe-gaishe kuwa ba su da wuya. Idan fim ɗin Hausa ne ake juyawa Turanci, "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" layi guda ya ishe su, sai fa in tsawon gaisuwar shi ne abin dariyar, kamar mai neman rance da ya kasa shiga magana.

Hanyar gane ko aiki ya yi ita ce a kashe murya, a zaunar da wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, a riƙa duban idonsa. In idon ya lafe a ƙasan allo bai ɗaga ba, rubutu ya yi yawa. In ya karanta layi sau biyu, ko dai ya daɗe fiye da kima, ko kuwa an bar shi ya ƙetare wurin da hoto ya sauya, ido ya zaci sabo ne. In kuma ya yi dariya kafin wanda ake bi bashi ya gama gyara hularsa, sai a koma a jinkirta fitowar layin da rabin sakan ko fiye.