Me ya sa ɗiba kaɗan-kaɗan ta fi ɗiba guda?

'Yan'uwa ɗalibai, ga wata mas'ala ta kimiyya da hisabi yake warwarewa. A cikin shayi akwai sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci. In ana son ciro shi, sai a bar shayin ya huce, a zuba shi cikin mazurari na gilashi mai famfo a ƙasa, a ƙara wani ruwan sinadari da ba ya gauraya da ruwa, wato CH₂Cl₂. A jujjuya, a bar su su rabu. Sinadarin ya fi ruwa nauyi, saboda haka shi ke kwanciya a ƙasa, sai a buɗe famfo a tsiyaye shi.

To amma kafeyin ba ya ƙaura gaba ɗaya. Rabuwa yake yi tsakanin ruwayen biyu bisa ƙa'ida: in muka raba yawansa a mililita guda na sinadarin da yawansa a mililita guda na shayin, adadi ɗaya muke samu kullum, muddin zafi bai canza ba. Wannan adadin ake kira ma'aunin rabo, K. Don sauƙin lissafi mu ɗauka K = 4.

Mu ce shayinmu mililita 100 ne, da kafeyin miligiram 160, sinadarinmu ma 100 ne. In muka zuba shi duka, kaso huɗu za su ƙaura, ɗaya ya tsaya. Humusi ke nan, miligiram 32 sun rage.

Yanzu mu raba shi biyu, hamsin-hamsin. Da yake rabi ne, kaso biyu kawai zai ja, ya bar ɗaya, wato sulusi. Kamar an ci baya, ko? Sai dai zubi na biyu sabo ne, babu kafeyin ko kaɗan a cikinsa, don haka shi ma zai bar sulusin abin da ya tarar. Sulusin sulusi tusu'i ne, kimanin miligiram 18. In muka yi zubi huɗu na mililita 25, kowanne rabi yake bari: 80, 40, 20, 10. Sinadarin bai ƙaru ba, amma ragowar ta sauko daga 32 zuwa 10. Mai wanki ya san haka, ɗauraya uku da ruwa kaɗan ta fi guda da bokiti cike.

Abin yana da iyaka fa. Ko sau dubu muka raba mililita ɗarin nan, kusan miligiram 3 za su tsaya, kuma kowane zubi yana barin ɗigo a jikin gilashi. Shi ya sa ake tsayawa a uku ko huɗu. Sannan kada a girgiza da ƙarfi, don shayi kan yi kumfa mai duhu a tsakani har a kasa ganin iyakar ruwayen. Tururin CH₂Cl₂ yana cutarwa, ba a wannan aiki sai a ɗakin gwaji, malami na tsaye.