Tallar 'Yan Soshiyal Midiya: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

A shekarar 2011 wani matashi ɗan ƙasar Sweden, Filip Tysander, ya kafa kamfanin agogo mai suna Daniel Wellington. Maimakon ya zuba kuɗi a talabijin, sai ya riƙa aika agogo kyauta ga masu mabiya a Instagram, kowa da nasa lambar ragi. Duk wanda ya sayi agogo da lambar wance, za a rage masa kuɗi, shi kuma kamfanin ya san cewa wance ce ta kawo cinikin. Cikin 'yan shekaru agogon ya zagaye duniya.

Yau haka ake talla daga Kano har Yamai. Masu atamfa, takalma, kayan kwalliya da filaye duk suna neman jaruman Kannywood da 'yan TikTok su ɗaga musu haja. Sai dai da yawa sun ɗauki rabin dabarar sun bar rabi: suna biyan mai talla, amma ba su tanadi hanyar gane abin da ya jawo musu ba.

A ɗauki misali da wata mai haɗa turaren wuta a Kano. A ce tana sayar da kwalba a kan naira 6,000, kuma kayan haɗi da kwalba da ladan ma'aikata suna cin 4,000. Mutum biyu ne a gabanta. Na farko ɗan barkwanci ne mai mabiya 800,000, ya yanke mata 300,000. Ta biyu matar aure ce mai koyar da girki da gyaran gida, mabiyanta 40,000, ta ce a ba ta 60,000.

Ido zai fara kai wa ga mai dubu ɗari takwas, amma yawan mabiya shi ne ma'auni mafi rauni, domin sayensu ake yi kamar yadda ake sayen kati. Matsalar ta kai har kamfanin Unilever ya sanar a 2018 cewa ya daina hulɗa da masu sayen mabiya. Abin da ya kamata mai turaren ta nema shi ne kowannensu ya nuna mata shafinsa na Insights, inda za ta ga garuruwan da masu kallonsa suke, shekarunsu, da ko maza ne ko mata. In akasarin masu kallon ɗan barkwancin samari ne 'yan makaranta, to dariya suka zo yi, ba su zo sayen turare ba. In kuma mabiyan mai girkin matan Kano ne da Kaduna da Abuja, inda saƙo ke isa cikin kwana ɗaya ko biyu a mota, to kasuwar ke nan.

Sai ta duba bidiyo goma na baya-bayan nan, ta tsallake wanda ya yi tashe fiye da kima, ta ga mutum nawa ke kallon sauran. Shafin da ke da dubban ɗaruruwan mabiya amma kallonsa bai wuce dubu biyu ba, akwai lauje cikin naɗi. Ta kuma karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashi. "Masha Allah" da hoton wuta ba su nuna komai. "Nawa ne?" da "Kuna kaiwa Gombe?" su ne maganar mai niyyar saye. Ta lura kuma ko mai shafin kullum da sabuwar haja a hannu; wanda ya yabi turare uku a mako guda, yabonsa ya daina nauyi.

In an daidaita, sai yarjejeniya, kuma a nan aka fi samun rigima, domin "zan yi miki talla" magana ce mai faɗi. Bidiyo ne da zai zauna a shafi, ko kuwa Story ne da ke ɓacewa bayan awa 24? Guda nawa, wace rana, da wane lokaci? Bidiyon da aka saka ƙarfe biyun dare daban yake da na bayan sallar isha'i. Dole a rubuta tsawon lokacin da zai zauna kafin a goge, da cewa mai kaya za ta gani kafin a sake shi, da yawan gyaran da za ta iya nema. A rubuta ko tana da izinin ɗaukar bidiyon ta saka a nata shafin, ko ta biya Instagram ya yaɗa shi, domin biyan kuɗin talla bai mallaka mata bidiyon ba. A ƙara da sharaɗin cewa mai tallar ba za ta tallata wani turaren ba har tsawon wata guda. Kuɗi kuma a raba biyu: rabi kafin alƙalami, ciko bayan aiki ya fito kuma an turo hoton alkaluman kallo.

Akwai batun doka. A Najeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da ita, kuma hukumar ta ce wannan ya haɗa da ta soshiyal midiya. Magani da abinci da kayan shafa kuma suna ƙarƙashin NAFDAC. Ɓoye cewa biya aka yi ma yana da tsada: a Oktoban 2022 Kim Kardashian ta amince ta biya dala miliyan 1.26 ga hukumar hada-hadar hannun jari ta Amurka, saboda ta tallata kuɗin intanet na EthereumMax ba tare da ta bayyana cewa an ba ta dala 250,000 ba. Instagram na da tambarin Paid partnership domin wannan.

Saura lissafi, wanda ake fara shi tun kafin a biya ko sisi. Mai turaren ta ba kowane mai talla kalmarsa, wadda mai saye zai faɗa a WhatsApp a yi masa ragin kashi 10 cikin ɗari. Ragin ya mayar da kwalba 5,400, riba ta koma 1,400. Kowannensu kuma ta aika masa kwalba uku na gwaji, wato 12,000. Ke nan ɗan barkwancin ya ci mata 312,000, sai ya kawo cinikin kwalba 223 kafin uwar kuɗi ta dawo. Mai girkin ta ci 72,000, kwalba 52 sun fitar da ita.

A ce bayan mako uku ta buɗe littafi. Ɗan barkwancin ya kawo 150, mai girkin 70. Waya ta yi ta ƙara, naira 810,000 sun shigo asusu ta hanyarsa, har ta fara tunanin sake kiransa. Amma ribar da ke cikin kuɗin 210,000 ce kawai, don haka ta faɗi da 102,000. Kwalba 70 na mai girkin sun ba da 98,000, an cire 72,000, saura 26,000 a hannu.

Wannan lissafin ma yana da iyaka. Wasu za su saya su manta da kalmar, shi ya sa ake tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labari. Wasu tsofaffin kwastomomi ne da za su saya ko ba talla, sun ji ragi sun yi amfani da shi. Waɗannan a ware su. Talla a jajibirin sallah ko lokacin bukukuwan aure kan yi kama da nasara alhali kasuwa ce ta buɗe wa kowa, don haka a gwada da cinikin irin wannan lokaci na bara. Turare kuma abu ne mai ƙarewa, wadda ta ji daɗinsa za ta dawo. In 50 daga cikin mutanen ɗan barkwancin suka sake saye ba ragi, 100,000 ke nan, asarar ta kusa gogewa.

Saboda haka mai turaren za ta ajiye lambobin duk waɗanda suka saya, kowa da sunan wanda ya turo shi, ta sake duba littafin bayan wata uku. A zagaye na biyu kuma tana iya rage kuɗin da ake yankewa, ta ɗora la'ada a kan kowace kwalba da kalmar mai tallar ta sayar, yadda su biyun za su damu da abu guda.